Yashi Ne Ke Yanka wa Kulorin Kuɗi: Yadda Matata da Magani Ke Aiki Tare a Ƙaramin Gidan Ruwa

A ƙaramin gidan ruwa, idan aka auna ruwan da ke fita aka ga kulorin ya yi ƙasa, hannun ma'aikaci yakan tafi kai tsaye kan famfon zuba magani ya ƙara masa gudu. Sau da yawa ba can matsalar take ba. Tana baya, a cikin yashin matata, ko ma kafin ruwan ya kai ga yashin. Yawan kulorin da ruwa zai ci, da kuma ko kulorin ɗin zai kai ga ƙwayoyin cutar da aka zuba shi domin su, duk sun dogara ne a kan abin da matata ta bari ya wuce.

Bari mu ɗauki gidan ruwa guda mu bi shi daga farko. A ce yana jan ruwan kogi, yana tace mita kubik 50 a awa, yana aiki awa 16 a rana, wato mita kubik 800 kullum. Ana zuba alam a ruwan tun shigowarsa, a motsa shi, lakar da ke yawo a ciki ta haɗu ta zama gudaji, yawancin gudajin su kwanta a tankin kwantarwa. Ruwan da ke saman tankin ne ke tafiya matata. Matatun guda biyu ne, kowace faɗinta mita 2, tsawonta mita 2.5, wato murabba'in mita 5. Idan aka raba 50 a kan murabba'in mita 10, ruwa na sauka cikin yashi da gudun mita 5 a awa, wanda shi ne gudun da aka saba da shi a irin wannan matata mai sauri. A cikinta akwai yashi mai zurfin santimita 60 zuwa 75, ƙwayarsa tsakanin rabin milimita da milimita ɗaya, a ƙarƙashinsa tsakuwa hawa-hawa, ƙanana a sama manya a ƙasa, sai bututun da ke tattara ruwan da ya tatu.

Mutane da yawa suna ɗaukar yashin kamar rariya, wai abin da ya fi ƙofa girma shi ke tsayawa. Ba haka yake aiki ba. Ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi sun ninka ƙwayar cuta girma sau da dama, don haka da girma kaɗai ake tsayar da su, da duk sun wuce. Abin da ke faruwa shi ne ƙananan gudajin suna cin karo da ƙwayoyin yashi yayin da ruwa ke karkacewa a tsakaninsu, sai su manne. Mannewar kuma alam ne ke kawo ta, domin laka da ƙwayoyin cuta da yashin kansa duk suna ɗauke da caji iri ɗaya mai sa su tunkuɗe juna, alam ke karya wannan cajin. Matata mai sauri da aka tura wa ruwan da alam bai kama ba, kusan kwando ce. Ruwan zai shiga a dagule ya fita a dagule, ko da yashin sabo ne fil.

Ana auna dagulewar ruwa da na'urar da ke nuna NTU, wato ma'aunin yawan dagulewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kafin a dogara da kulorin, a yi ƙoƙari ruwan ya kasance ƙasa da NTU 1, kuma ko a ƙaramin gida mai ƙarancin kayan aiki kada ya wuce 5. Ido ba ya taimakawa a nan. Ruwa mai NTU 3 a cikin kofin gilashi garau yake, babu wanda zai ƙi shan sa.

Dalilin wannan iyaka biyu ne. Na farko, kulorin ba ya zaɓen abokin gaba. Duk abin da ya tarar yana iya ƙonewa, ruɓaɓɓen ganye ne, ƙarfe ne da ya narke, amoniya ce, da shi zai fara, kuma duk abin da ya ƙone ya tafi da wani kaso na ƙarfinsa. Miligiram ɗaya na narkakken ƙarfe yana cinye kusan miligiram 0.6 na kulorin. Amoniya ta fi haɗama: kowane miligiram na naitirojin ɗinta yana bukatar kulorin miligiram 8 zuwa 10 kafin a samu kulorin da ya saura bai ɗaure da komai ba, wato ragowa mai 'yanci. Na biyu, kuma shi ya fi haɗari, ƙwayar cutar da ta shige cikin gudan laka ta samu garkuwa. Kulorin zai taɓa bayan gudan, ita tana ciki lafiya lau. Wannan matsala ce da ƙarin magani ba ya warwarewa yadda ake zato.

Akwai ma abin da kulorin ba ya iya masa komai ko a ruwa mai tsabta. Ƙwan kiriftosforidiyam, ƙwayar cuta mai sa gudawa, wanda girmansa bai wuce maikuron 4 zuwa 6 ba, wato kashi 4 zuwa 6 cikin dubu na milimita, yana jure kulorin irin na ruwan sha na tsawon kwanaki. Tankin kwantarwa da matata ne kaɗai ke cire shi a irin wannan gida. A shekarar 1993 a birnin Milwaukee na Amurka, kimanin mutum 400,000 suka kamu da gudawa ta wannan ƙwaya, alhali ana zuba kulorin a ruwan. Abin da ya canza shi ne ruwan da ke fita daga matatun ɗaya daga cikin gidajen ruwan birnin ya dagule fiye da yadda aka saba. A ɗaya hannun, ƙwayoyin bairos sun yi ƙanƙanta har wasu na tsallake matata mai kyau, su kuma kulorin na kashe su cikin sauƙi. Kowanne yana rufe ƙofar da ɗayan ya bari a buɗe, amma babu wanda ke iya ɗaukar aikin ɗan'uwansa.

Lissafin magani

Idan matata na fitar da ruwa mai NTU 0.5, sai a gano nawa ruwan ke ci. Hanyar ba ta da wuya: a ɗebi ruwan matata a bokiti huɗu ko biyar masu lita 10, a zuba wa kowanne magani daban-daban, a rufe, a jira minti 30, a auna ragowar. A ce an gano ruwan yana cinye miligiram 1.2 a kowace lita. Ana son ragowar 0.8 ta fita daga gida, domin a hanya za ta ragu, kuma dole a samu aƙalla 0.2 a famfon ƙarshe na gari. To abin da za a zuba shi ne miligiram 2.0 a kowace lita, wato giram 2.0 a kowane mita kubik.

```
50 m³/h × 2.0 g/m³ = 100 g/h
100 ÷ 0.65 = 154 g/h
154 × 16 = 2.46 kg
```

Layin tsakiya shi ne wanda aka fi mantawa. Garin kulorin da ake kira HTH ba zallan kulorin ba ne. Kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ne, saura kuma alli ne da gishiri. Wanda ya auna giram 100 na gari yana zaton ya zuba giram 100 na kulorin, ya tauye ruwan da kashi ɗaya cikin uku. Kuma wannan kashi 65 ɗin na ganga ce sabuwa. Gangar da aka bari a buɗe cikin zafi da danshi tana rasa ƙarfi, garin ya dunƙule. Ruwan kulorin na jarka, wanda ke zuwa da ƙarfin kashi 10 zuwa 15, ya ma fi saurin lalacewa a zafi, cikin makonni kaɗan ƙarfinsa ya ragu sosai.

Ana jiƙa garin ne a tankin roba, ba na ƙarfe ba. Kilo 3.1 a lita 200 yana ba da ruwan magani mai giram 10 na kulorin a kowace lita. Garin ake zubawa a cikin ruwa, a motsa, a bar shi ya kwanta wasu awanni, sannan a ja ruwan saman. Farin dagwalon da ya kwanta a ƙasa alli ne, kuma idan bakin tiyon famfo ya kai gare shi, zai toshe bawul ɗin famfon da bakin da ke fesa magani cikin bututu. Shi ya sa ake ɗaga bakin tiyon kamar taƙi ɗaya daga ƙasan tanki, kuma gidan da ke da tanki biyu ya fi samun sauƙi, ɗaya na aiki ɗaya na kwanciya. A kula kuma: garin nan ba ya haɗuwa da asid, ko alam, ko mai. Da asid yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, da mai ko tsumma kuwa yana iya kamawa da wuta.

Da wannan haɗi, famfo zai tura lita 10 a awa, wato mililita 167 a minti. Kada a yarda da lambar da ke jikin maɓallin famfon. A sa bakin tiyon cikin kwalba mai ma'auni, a duba agogo na minti ɗaya, a ga nawa ya ja. Famfo na iya yin ƙararsa tak-tak yadda ya saba alhali iska ce ta cika kansa, ba ya tura ko ɗigo. Alamar da ba ta ƙarya ita ce tankin: ya kamata ya sauka da lita 160 a rana. Idan ya sauka da 90 kawai, akwai awannin da gari ya sha ruwa babu magani.

Bayan zuba magani sai jira. Ƙa'idar da aka sani ita ce ragowar aƙalla 0.5 bayan aƙalla minti 30, a ruwan da pH ɗinsa, wato ma'aunin da ke sauka idan ruwa ya yi tsami, bai kai 8 ba. Idan aka ninka 0.5 da 30 za a samu 15, kuma wannan ninkin na ragowa da lokaci shi ne ainihin ma'aunin kisa. Tankin jira na gidanmu mita kubik 60 ne, don haka a takarda ruwa na zama minti 72. Amma ruwa ba ya bin layi. Idan tankin ɗaki ɗaya ne babu katangun da ke tilasta wa ruwa yin zagaye, wani kaso zai miƙe daga mashiga zuwa mafita ya bar sauran a kusurwa. A irin wannan tanki ana lissafa kusan kashi 30 cikin ɗari ne kawai na lokacin takarda, wato minti 22. Da ragowar 0.8, ninkin ya zama 17, ya tsallake da ƙyar. Da safe kuwa, lokacin da gari ke jan ruwa tankin ya sauka zuwa rabi, lokacin ya koma minti 11, ninkin bai kai 9 ba. Ragowar da aka auna tana nan 0.8, littafin aiki ya nuna komai daidai, amma ruwan bai zauna ba. Katangun bulo biyu ko uku a cikin tankin suna iya ɗaga kason zuwa 70 cikin ɗari, kuma sun fi kowace ganga ta ƙarin magani amfani.

Batun pH ma yana da alaƙa da abin da ya faru kafin matata. Kulorin a ruwa yana rabuwa gida biyu, ɗaya mai kaifi ɗaya mai rauni ƙwarai. A pH 7 kusan kashi uku cikin huɗu mai kaifin ne; a 7.5 rabi da rabi. A 8 ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwayar gwajin da ake auna ragowa da ita ba ta bambanta su, duka take ƙirgawa. Alam yana sauke pH, wanda ke yi wa kulorin daɗi, amma ruwa mai tsami yana cin bututu, shi ya sa ake ƙara farar ƙasa don ɗaga shi. Wurin ƙara ta shi ne bayan tankin jira. Wanda ya zuba ta a wuri ɗaya da kulorin ya dakushe wuƙarsa da hannunsa.

Ranar da aka yi ruwan sama

Yanzu a ce an kwana ana ruwa. Kogin da ke NTU 40 ya wayi gari a 600, ja wur. Ba a taɓa alam ba, yana kan ma'aunin jiya. Gudajin da ke fitowa ƙanana ne, ba sa kwanciya, sai ruwan da ke zuwa matata ya tashi daga NTU 5 zuwa 30. Matatar da ta saba yin awa 36 kafin wanki ta cika cikin awa 8. Ruwan da ke samanta ya fara hawa, alamar yashi ya toshe, kuma lakar da ta manne a sama ta fara ɓallewa tana gangarawa ƙasa har ta fita. Ruwan matata ya kai NTU 4. Abin da yake ci ya tashi daga 1.2 zuwa 1.9, famfo na nan yana zuba 2.0, ragowar ta faɗi zuwa 0.1. Ƙwayar DPD 1, wadda ke rina ruwa gwargwadon ragowar kulorin, da aka jefa ta a kwalbar gwaji da ƙyar ta yi ruwan hoda.

Ma'aikaci ya ƙara famfo zuwa lita 14 a awa, launi ya dawo, hankali ya kwanta. A gaskiya dole a ƙara maganin a wannan lokaci, domin ba a barin ruwa ya fita babu ragowa. Kuskuren shi ne tsayawa a nan. Ruwan sama shi ke wanko kashin dabbobi da na mutane zuwa kogi, don haka ranar da matata ta gaza ita ce kuma ranar da ƙwayoyin cuta suka fi yawa. Ga kuma kulorin mai yawa a kan ruɓaɓɓen ganye yana haifar da sinadaran da ba a so a ruwan sha, ya kawo wari da ɗanɗanon da ke sa mutane komawa rijiya.

Gyaran yana farawa daga gaba. A rage ruwan da ke shigowa, ko zuwa rabi, domin tankin kwantarwa da matata su samu sarari. A yi gwajin kwalabe da ruwan kogin na yau, wato a zuba wa kowace kwalba alam daban-daban, a gano sabon ma'aunin alam, a duba pH, domin alam mai yawa a ruwan sama yana iya sauke shi har gudaji su ƙi haɗuwa gaba ɗaya. Sannan a wanke matata. Sai an ga ruwanta ya koma ƙasa da NTU 1 za a sake lissafin kulorin. A tuna kuma idan an rage ruwa zuwa mita kubik 25 a awa aka bar famfon magani a inda yake, ma'aunin ya ninka. Gidan da aka haɗa wutar famfon magani da ta famfon ruwa, su tashi tare su mutu tare, ya tsira daga wani kuskuren makamancin wannan: wuta ta ɗauke, ruwa ya tsaya, magani ya ci gaba da ɗiga cikin bututu.

Wankin matata shi ne wurin da aka fi yi wa kulorin illa ba da sani ba. Ana rufe mashiga, a turo ruwa mai tsabta daga ƙasa zuwa sama da gudun kusan mita 40 a awa, har yashin ya tashi ya kumbura da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na zurfinsa, ƙwayoyin su gogi juna lakar ta fita ta magudanar sama. Minti 10 na wannan a matata mai murabba'in mita 5 yana cin kusan mita kubik 33. Bawul ɗin a hankali ake buɗe shi. Idan aka buɗe shi gaba ɗaya lokaci guda, ruwan zai hargitsa tsakuwar ƙasa, daga nan yashi ya fara zubewa cikin bututu. Wanda ya ga yashi a ƙasan tankin jira, to wannan ne ya faru. Idan kuma gudun ya yi kaɗan, laka na saura, ta dunƙule da yashi ta zama curi kamar ƙwallo, ta nutse. Bayan wanki a sauke ruwa a kalli fuskar yashin. Ya kamata ta zama shimfiɗe sumul. Tsagewa, ko rami, ko rata tsakanin yashi da bango, duk hanyoyi ne da ruwa zai bi ya wuce ba tare da an tace shi ba. A tura hannu cikin yashin zuwa wuyan hannu a damƙo. Idan ya fito da santsi ko da curin laka, wankin ba ya isa.

Abu biyu ke biyo bayan wanki. Yayin da ake wanke ɗaya, idan ba a rage ruwan shigowa ba, ɗayar tana ɗaukar duka 50 ɗin, gudunta ya tashi daga mita 5 zuwa 10 a awa farat ɗaya, kuma wannan girgizar tana kakkaɓo lakar da ta riƙe. Sannan matatar da aka wanke ba ta dawowa da ƙarfinta nan take. Yashi mai tsabta ba ya kama laka sosai sai ya ɗan yi rufi, don haka ruwan minti 15 zuwa 30 na farko ya fi kowanne dagulewa. Wannan ruwan zubar da shi ake yi ta bawul ɗin da aka tanada, ba a tura shi tankin jira. Ma'aikacin da ke jin asarar ruwan ya rufe bawul ɗin da wuri, zai ga ragowar kulorin na faɗuwa kullum a lokaci ɗaya, jim kaɗan bayan wanki, ya yi ta zargin famfo.

Wannan duka game da matata mai sauri ne. Idan gidan na amfani da matata mai jinkiri, wadda yashinta ya fi laushi kuma ruwa ke sauka mita 0.1 zuwa 0.3 kacal a awa, aikin na wani siririn rufi ne mai rai da ke tsirowa a fuskar yashi yana cinye ƙwayoyin cuta. Kulorin kafin irin wannan matata yana kashe rufin. A can magani bayan yashi kaɗai yake shiga, kuma bayan an kankare saman yashin sai a jira kwanaki kafin a amince da ruwan.

Littafin aikin da zai nuna inda laifi yake ba ya bukatar ginshiƙai da yawa: NTU na kowace matata daban, ragowar kulorin a mafitar tankin jira, pH, tsayin ruwa a tankin, da litar maganin da ta tafi, duk bayan awa biyu a layi ɗaya. Idan ragowa ta faɗi NTU ya tashi, a koma wa alam da yashi. Idan ta faɗi NTU bai motsa ba, a duba famfo da ƙarfin garin kulorin. Idan su ma lafiya suke, a jefa DPD 3, ƙwayar da ke nuna har kulorin da aka ɗaure, bayan DPD 1 a kwalba ɗaya. Launi ya ƙara duhu sosai, to amoniya ta shigo kogin ta ɗaure kulorin, kuma sai an zuba abin da ya ishe ta kafin ragowa mai 'yanci ta bayyana. Idan kuwa ruwan na warin kulorin amma ƙwayar ta yi ja na ɗan lokaci ta koma fari, ba rashin magani ba ne, yawansa ne ya wuce kima har ya goge launin. A gauraya samfurin da ruwan da babu kulorin, kashi ɗaya cikin goma, a sake aunawa kafin a taɓa famfo.